Gasar Gidaje a Makaranta: Aikin da Ake Gamawa a Takarda Kafin a Busa Usur

Da zarar zango na biyu ya kankama, makarantu da yawa a ƙasar nan sukan ɗauki haramar gasar wasanni tsakanin gidaje, wadda yara ke kira intahawus. Za ka ga an raba ɗalibai gida huɗu, Ja da Shuɗi da Kore da Ɗorawa, ana ta atisayen fareti da yamma, tela na ɗinkin tuta, malamai na rubuta wa masu hannu da shuni takardar gayyata. Sai dai sau da yawa ranar da aka daɗe ana jira takan ƙare da ɓacin rai. Rana ta take ba a gama gudu ba, ruwan sha ya ƙare, malamin wani gida ya rantse an yi masa coge a maki, bayan an watse kuma mai rumfa ya yi ta zarya ofishin shugaban makaranta yana bin bashi.

Duk waɗannan matsaloli ba a filin wasa suke farawa ba. Suna farawa ne makonni shida kafin ranar, lokacin da ya kamata a zauna a rubuta takardu uku amma ba a yi ba: takardar dokoki da maki, jadawalin wasanni, da kasafin kuɗi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Domin bayanin ya fito fili, bari mu ɗauki misalin makarantar sakandare ta jeka-ka-dawo, mai ɗalibai 400 maza da mata, da gidaje huɗu, da filin ƙwallo guda ɗaya, mu bi ta daki-daki.

Tsayar da rana da zaɓen wasanni

Abu na farko shi ne kwamiti ƙarami: malamin wasanni, mataimakin shugaban makaranta, ma'aji, malama mace guda da za ta kula da ɓangaren 'yan mata, da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. Aikinsu na farko su buɗe kalanda. A Arewa, ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi dacewa, domin sanyi ya fara sauƙi, zafin Maris da Afrilu kuma bai sauka ba. A duba watan azumi, wanda kowace shekara yake matsowa da kimanin kwana 11, a kuma kauce wa makon jarrabawa. Ranar Juma'a gajera ce, Laraba ko Alhamis ko Asabar sun fi ba da sarari.

Daga nan sai zaɓen wasanni, kuma nan ne kwaɗayi ke fara ɓata shiri. Kowane wasa da aka ƙara yana jawo alƙalai da lokaci da kyaututtuka. Makarantar misalinmu ta raba yaranta rukuni huɗu: ƙananan maza, ƙananan mata, manyan maza, manyan mata. Kowane rukuni zai yi wasa biyar: gudun mita 100, mita 200, mita 400, dogon tsalle, da gudun miƙa sanda na mutum huɗu. Wasa 20 ke nan. Aka ƙara ƙwallon ƙafa ga maza, ƙwallon raga ga mata, sai fareti. An bar jifan mashi da na faifai da gangan, domin a filin da yara ɗari huɗu ke kai da kawo, haɗarinsu ya fi amfaninsu.

Doka biyu suna da muhimmanci a nan. Ta farko, a bi rajistar makaranta wajen sanya yaro a rukuni, a kuma rufe karɓar sunaye mako biyu kafin gasa, domin kada a wayi gari wani ƙato ya bayyana cikin ƙanana. Ta biyu, kada yaro ɗaya ya shiga fiye da wasa biyu na kai da kai, sai kuma miƙa sanda. Idan babu wannan iyaka, gidan da ya yi dacen yaro ɗaya mai gudu kamar barewa shi zai kwashe komai, sauran yaran su zama 'yan kallo, shi kuma yaron ya galabaita kafin azahar.

Jadawali: wa zai kara da wa, kuma yaushe

A wasannin ƙwallo akwai hanya biyu. Akwai sili-ɗaya-ƙwale, inda gidaje huɗu za su buga wasa huɗu kacal har da na neman na uku. Yana da sauri, amma gidan da ya yi tuntuɓe sau ɗaya ya rasa kofi ke nan. Akwai kuma kowa-da-kowa, wanda ya fi adalci. Lissafinsa mai sauƙi ne: a ninka yawan gidaje da adadin da ke ƙasa da shi, a raba biyu. Gida huɗu, huɗu sau uku a raba biyu, wasa 6. Da gida biyar ne, da wasa 10 za a buga, kuma kowane zagaye gida ɗaya zai huta.

Ga yadda na gida huɗu yake tsayawa. Zagaye na farko, Ja da Shuɗi, Kore da Ɗorawa. Na biyu, Ja da Kore, Shuɗi da Ɗorawa. Na uku, Ja da Ɗorawa, Shuɗi da Kore. Idan kowace yamma za a buga ƙwallon ƙafa ɗaya da ƙwallon raga ɗaya a lokaci guda, yammaci shida ya isa, wato mako biyu idan ana yin kwana uku a mako. Minti 20 zuwa 25 kowane rabi ya wadatar ga yaran sakandare. Wanda ya ci yana da maki 3, kunnen doki maki 1. A rubuta tun farko abin da za a yi idan gida biyu suka yi daidai: a duba wanda ya ci ɗan'uwansa a karawarsu, in ba a rabu ba a duba ratar ƙwallaye, in har yanzu ba a rabu ba a je bugun fenariti.

A guje-guje, kowane gida zai kawo yara biyu, su zama takwas. Tun da layi huɗu ne a filin, sai a yi zagayen tankaɗe biyu a makon da ya gabaci gasar, kowane zagaye da yaro ɗaya daga kowane gida, biyun farko su wuce. A raba layi da ƙuri'a a gaban malaman gidaje. Da haka babbar rana ba za ta ɗauki komai ba sai wasannin ƙarshe.

Yanzu a auna ranar da agogo. Gudun ƙarshe 16 ne, sha biyu na kai da kai da huɗu na miƙa sanda. Daga kiran suna zuwa rubuta sakamako, kowanne yakan ci kimanin minti bakwai, jimla kusan awa biyu. Dogon tsalle zai gudana a gefe a lokaci guda. Fareti minti 40, jawabai minti 20, rabon kyaututtuka minti 30. Awa uku da rabi ke nan: a fara ƙarfe takwas da rabi, a tashi sha biyu, kowa ya tafi ya yi azahar a natse. Abin da ya fi rusa wannan lissafi shi ne jiran babban baƙo. A rubuta a katin gayyata cewa guje-guje za su fara a kan lokaci, in baƙo ya iso sai a tsaya a karɓe shi. Ba daidai ba ne a jera yara a rana awa biyu saboda mutum ɗaya.

Zanen fili, inda ake zalunci ba da sani ba

Filin gudu na ƙa'ida zagayensa mita 400 ne, faɗin kowane layi mita 1.22. Ƙananan makarantu kaɗan ne ke da wannan sarari, amma zagayen mita 200 yana shiga cikin filin ƙwallo. A kafa turaku biyu a tsakiyar fili, tsakaninsu mita 50. A ɗaura igiya mai tsawon mita 15.7 a kowane turke, a zana rabin da'ira a kowane ɓangare, sannan a haɗa bakunansu da miƙaƙƙun layuka biyu. Wannan shi ne layin ciki. Ana ƙara wa igiyar mita 1.22 don zana kowane layi na gaba. Gudun mita 100 kuwa, in tsawon filin bai isa ba, a ja shi daga kusurwa zuwa kusurwa, a bar wa yara wurin rage gudu bayan layin ƙarshe. A yi zanen da farar ƙasa ko toka, a tsince duwatsu da ƙaya da fasassun kwalabe, domin yara da yawa ba takalmi za su yi gudun.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jera yara a layi ɗaya a gudun da ke da kwana. Wanda ke layin waje zagayensa ya fi na ciki tsawo. A layi mai faɗin mita 1.22, kowane zagaye cikakke yana ƙara wa na waje mita 7.67 a kan maƙwabcinsa na ciki. Saboda haka a gudun mita 200 a wannan fili, mai layi na biyu zai tsaya mita 7.67 a gaban na farko, na uku mita 15.33, na huɗu mita 23. A mita 400 da miƙa sanda, da yake zagaye biyu ne, sai a ninka tazarar. In ba a yi haka ba, yaron layi na huɗu ya faɗi tun kafin a busa usur. Alamar an yi wannan kuskure ita ce a ga masu layin ciki ne ke ta cinyewa a kowane rukuni.

Alƙalai

Doka ɗaya ce ke tsare mutuncin gasa: duk malamin da ke riƙe da gida ba zai yi alƙalanci ba. Ko da mutum mai gaskiya ne, zargi zai bi shi. Makarantar misalinmu tana buƙatar mutum 16: babban alƙali, mai tayar da gudu, alƙalan layin ƙarshe huɗu, masu agogo biyu, marubutan maki biyu, sanƙira, masu tara yara biyu, da alƙalan tsalle uku, waɗanda in sun gama za su koma su tsaya a wuraren miƙa sanda. Mafi yawansu malaman da ba su da gida ne da tsofaffin ɗalibai. Muƙamai huɗu masu zafi, wato babban alƙali da mai tayarwa da biyu daga alƙalan layin ƙarshe, gara a aro su daga makarantun maƙwabta ko ofishin wasanni na ƙaramar hukuma.

A layin ƙarshe, kada a ce kowa ya kalli kowa. A ba kowane alƙali matsayi ɗaya: wannan na farko kawai zai kama, wancan na biyu, haka har na huɗu. Abin da ake dubawa shi ne gangar jiki, ba kai ko hannu ko ƙafa ba. A tsayar da mutum da waya daidai saitin layin yana ɗaukar bidiyo, domin yana kashe gardama cikin minti ɗaya. A dogon tsalle, kowane yaro tsalle uku, ana auna daga gurbin da ya fi kusa da layin tashi, ko da tafin hannu ne ya dafa a baya. Game da tashi kafin usur, dokar manyan gasanni ta duniya tun 2010 tana korar mai laifi a karon farko. Ga yara, makaranta na iya yin gargaɗi ɗaya, muddin an rubuta an karanta wa kowa. Ƙorafi kuma malamin gida ne kaɗai zai kawo, a rubuce, cikin minti 30 bayan sanar da sakamako, mutum uku su yanke hukunci, hukuncinsu ya zama na ƙarshe.

Maki

A wasan kai da kai, na farko maki 5, na biyu 3, na uku 2, na huɗu 1. A wasan ƙungiya, wato miƙa sanda da ƙwallo da fareti, a ninka: 10, 6, 4, 2. Ba wa na huɗu maki yana hana gidan da ke baya karaya. In yara biyu suka yi kunnen doki a na biyu, a haɗa makin na biyu da na uku a raba, kowa ya samu biyu da rabi.

Wannan tsari yana da wata fa'ida, yana kama kuskure da kansa. Kowane wasan kai da kai yana raba maki 11, na ƙungiya 22. Wasa 16 sau 11 ya ba da 176, wasa bakwai sau 22 ya ba da 154, jimla 330. Idan a ƙarshe Kore na da 92, Ja 92, Shuɗi 80, Ɗorawa 66, an samu 330, lissafi ya tashi. In jimlar ta sha bamban, kuma ba wanda aka kora makinsa ya faɗi ƙasa, to akwai kuskure, a nemo shi kafin sanƙira ya buɗe baki. Shi ya sa marubuta biyu ke rubutu daban-daban, ana kuma sabunta allon maki a bainar jama'a bayan kowane wasa. Kunnen dokin Kore da Ja kuwa, dokar da aka rubuta tun farko ce za ta raba shi: wanda ya fi yawan zuwa na farko shi ya ɗauki kofi, in sun yi daidai a duba na biyu.

Fareti na buƙatar kulawa ta musamman, domin shi ba a auna shi da agogo ko tef. Wasu makarantu kan ba shi maki 50, daidai da cin gudu goma, har gidan da ya samu ubangida mai kuɗi ya sayi kofi da kayan ado. A tsayar da shi a maki 10, alƙalai uku na waje su duba daidaiton sahu da tafiya da tsafta, kowa a takardarsa. Gudun iyaye da na malamai da na makarantun da aka gayyato nishaɗi ne, ba su da maki.

Kasafi

Ƙa'idar farko: kuɗin da ke hannu kaɗai ake kasaftawa. Alkawarin babban baƙo ba kuɗi ba ne sai ya shigo. A ce iyaye sun amince a taronsu da naira 1,000 kan kowane yaro, bayan an sami izinin hukumar da ke kula da makarantar, an tara naira 400,000. Alƙaluman da ke tafe misali ne na yadda ake rabo, farashi kuwa sai an taka kasuwa an tambayo wurare biyu ko uku.

Gyaran fili, farar ƙasa, igiya da yashin ramin tsalle: 45,000
Ruwan leda jaka 100: 40,000
Akwatin agajin gaggawa, ma'aikacin lafiya da man motar ko-ta-kwana: 40,000
Ƙwallaye, raga, usur da sandunan miƙawa: 45,000
Kuɗin mota da abincin alƙalan waje: 50,000
Lambobin yabo, kofi da takardun shaida: 100,000
Rumfa biyu, kujeru da man janareta: 40,000
Ajiyar ba-zata, kashi goma cikin ɗari: 40,000

Kowane layi daga ƙidaya ya fito. Ɗauki ruwa: yara 400 da baƙi 100, kowa leda uku, leda 1,500. Jaka na ɗauke da 20, jaka 75 ke nan, sauran 25 na ranakun tankaɗe da ƙwallo. Jerin ma da hikima aka yi shi. Na sama su ne waɗanda gasa ba ta yiwuwa sai da su, in kuɗi ya gaza daga rumfa ake fara yanka, a hau sama. Yaro na iya kallo daga inuwar darbejiya a kan bencin aji, amma ba zai yi gudu ba ruwa ba. Inda aka fi kuskure shi ne a juya jerin, a fara da rumfuna da makaɗa da abincin manyan baƙi, ranar gasa a rasa ko bandeji. Kuɗin alkawari in ya shigo daga baya, a sayi abin da zai zauna, kamar tef ɗin awo da agogon gudu da ƙwallaye. Ma'aji shi kaɗai zai riƙe kuɗi, mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, kowane sayayya da rasit. Gidaje ma a sa musu iyakar abin da za su kashe, a kuma hana malamin gida ɗora wa yara wani karo-karo na daban.

Kyaututtuka

Su ma ƙidaya ce. Wasa 16 na kai da kai, lambobi uku-uku, 48. In za a ba ƙungiyoyi uku na farko a miƙa sanda, sai an ƙara wasu 48. Makarantar misalinmu ta ba ƙungiyar da ta zo na farko kaɗai, lambobi 16, jimla 64. A kan naira 1,000 kowace, 64,000 ke nan, kofi 25,000, takardun shaida 11,000. 'Yan ƙwallo da sauran waɗanda suka kai wasan ƙarshe takardar shaida za su samu, mai ɗauke da sunan yaro da wasansa da sa hannun shugaban makaranta. Kofin ya zama mai zagayawa, ana rubuta sunan gida da shekara a gindinsa, ya koma ofis, ta yadda baɗi ba sai an sake saye ba. A guji kyautar tsabar kuɗi ga yara, domin ita ke jawo ƙaryar shekaru da rigima. In wani baƙo ya matsa sai ya yi alheri, a roƙe shi ya mayar da shi littattafai ko takalman gudu. Kyautar mata kuma ta zama daidai da ta maza, iri ɗaya, daraja ɗaya.

Aiki bai ƙare da ɗaga kofi ba. Cikin mako guda kwamiti ya zauna, ya biya kowa haƙƙinsa, ya ƙirga kayan da suka saura ya kai sito, ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita a shafi ɗaya, a manna a allon sanarwa, a karanta wa iyaye a taronsu na gaba. A ajiye sakamako da lokutan da yara suka yi a fayil, domin su zama ma'aunin baɗi. Kira gare ku shugabannin makarantu da malaman wasanni: kada ku buga katin gayyata sai takardun nan uku sun kammala, malaman gidaje huɗu sun karanta sun sa hannu. Ku kuma iyaye, idan aka nemi gudummawarku, ku bayar, sannan ku nemi a nuna muku lissafi, domin haƙƙinku ne.